Idan Tankar Fetur Ta Faɗi: Abin da Ke Faruwa Kafin Wuta Ta Tashi

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta nufi Nguru ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, man ya kwarara cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito kwasa, daga bisani wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko da ke kusa da Suleja a Jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu, kuma hukumomi suka danganta tashin wutar da janaretan da aka kawo domin a juye man zuwa wata tankar. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga irin wannan a Yamai cikin watan Mayu na 2019. Abin da ya haɗa waɗannan haɗurra shi ne cewa faɗuwar motar ba ita ce ta kashe yawancin mutanen ba. Tsakanin faɗuwar da tashin wutar akwai tazarar lokaci, kuma a cikin wannan tazara ne mutanen da suke zaune lafiya a gidajensu da shagunansu suka taka da ƙafafunsu suka isa wurin.

Mu a Katsina ba mu da dalilin ɗaukar wannan a matsayin labarin nesa. Tankokin mai suna bin hanyar Kano ta Kankiya da Charanchi, suna bin ta Funtua da Malumfashi, suna wucewa Jibiya, suna bin hanyar Mashi zuwa Daura, kuma kusan kowane gari da ke kan waɗannan hanyoyi ya manne wa kwalta, da masu shayi da masu faci da 'yan bumburutu a bakinta. Saboda haka ya kamata a fahimci abin da man da ya zube yake yi a cikin wannan tazara, domin daga nan ne za a gane dalilin kowane mataki da ake cewa a ɗauka.

Ruwan fetur ba shi ne yake kamawa da wuta ba, tururin da yake fitarwa ne yake kamawa. Fetur yana fitar da tururin da ya isa ya kama wuta tun daga sanyin da ya kai kimanin digiri 40 ƙasa da sifili, wato babu wata rana a ƙasar Hausa, ko da tsakiyar hunturu ne, da za a ce ya yi sanyin da ba zai kama ba. A nan ya sha bamban da man gas na manyan motoci, wanda sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin ya fitar da isasshen tururi, da kuma kananzir wanda yake farawa daga wajen digiri 38. Wannan bambanci bai zama izinin kusantar tankar gas ko ta kananzir ba, domin kwaltar da ranar bazara ta gasa tana iya kai su ga wannan zafi, kuma mai kallo daga nesa ba shi da tabbacin abin da motar ta ɗauko, musamman da yake tanka ɗaya tana da ɗakuna da dama a cikinta. Amma shi ya sa tankar fetur ta fi kowacce saurin zama masifa.

Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse yadda hayaƙi yake yi, sai dai ya kwanta a ƙasa ya riƙa malala kamar ruwa, yana bin gangare, yana cika kwata da ƙarƙashin kwalbati da rami da zauren da ya yi ƙasa da titi. Ido ba ya ganinsa, in ban da wani lokaci da rana a ga iska tana rawa-rawa a saman man. Kuma ba kowane gauraye na tururin da iska ne yake kamawa ba. Sai ya kasance tururin ya kai kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, bai kuma wuce kimanin kashi 7.6 ba. Ƙasa da haka ya yi kaɗan, sama da haka iskar da wuta take buƙata ta yi kaɗan. Idan aka lissafa, lita ɗaya ta fetur in ta ƙafe gaba ɗaya tana ba da tururin da zai mai da iskar da za ta cika kimanin akwati 13, kowanne mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, ta zama mai kamawa. Ɗakin kwana mai mita uku a mita huɗu, lita uku ta ishe shi.

Wannan iyaka ta sama da ƙasa ita ce take yaudarar mutane, kuma a ganina ita ce abin da ya fi cancanta a yi wa jama'a bayaninsa. Daidai saman man da ya taru, tururin yakan yi yawa har ya wuce iyakar kamawa, can nesa kuma ya yi kaɗan. Wurin da ya dace da wuta yana tsakani, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsawa da kaɗawar iska da zirga-zirgar mutane. Shi ya sa za a iya shafe rabin sa'a ana kwasa babu abin da ya faru, wanda ya cika jarka ya kai gida ya dawo da biyu, waɗanda suka tsaya nesa da farko su ga ai ba komai, su ma su matso. Kowane minti da ya wuce lafiya yana ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa, alhali a cikin wannan mintin man ya ƙara shimfiɗuwa, tururin ya ƙara nisa, masu kwasa da suke tsoma bokiti suna fantsama shi sun ƙara masa saurin ƙafewa. Da zarar gefen tururin ya isa inda akwai ƙyastu ɗaya, wutar takan biyo shi da baya ta dawo har bakin tankar, kuma mutumin da yake tsaye cikin kwata da rigarsa jiƙe da mai ba shi da damar tsere mata.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara tanka mai lita 33,000 ta faɗi a kan wata kwana a bakin wani gari tsakanin Katsina da Daura, ana dab da sallar isha'i a lokacin hunturu. Murfin ɗaki ɗaya ya buɗe, mai yana tsiyaya, titin ya ɗan gangara zuwa gabas inda akwai kwata da ta bi ta gaban shaguna ta shiga unguwa. A gefen titin akwai mai shayi da murhunsa, mai tsire da tukubarsa, shagon cajin waya da janareta a baya, da 'yan acaɓa a gindin bishiya. Idan duk man ya zube ya shimfiɗu da zurfin santimita ɗaya, zai rufe murabba'in mita 3,300, kusan rabin filin ƙwallo ke nan. A zahiri ba ya shimfiɗuwa daidai, yana neman kwata, kuma a cikin kwata yana iya tafiya ɗaruruwan mitoci ya ɓulla a bayan gidan wanda bai ma ji ƙarar faɗuwar ba. Lokacin ma ya yi muni, domin da dare iska takan kwanta, tururin ya rasa abin da zai tarwatsa shi, ga shi lokacin girki da kunna janareta ne.

Mutumin farko da ya fahimci abin da ya faru, aikinsa na farko ba wajen tankar yake ba. Ya ja da baya ya koma ɓangaren da iska take tasowa, wanda kuma ya fi tudu, sannan daga can ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, ya faɗi abu huɗu a sarari: sunan wurin da alamar da za a gane shi, cewa tankar mai ce, cewa man yana zuba amma bai kama ba, da inda yake gangarawa. Cewa bai kama ba yana da muhimmanci, domin shi zai sa masu kashe gobara su zo da kumfa kuma su tsaya da motarsu nesa. Gane inda iska take tasowa ba shi da wuya, a ɗebi ƙasa a watsa sama a ga inda ƙurar ta nufa. A hunturu galibi daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, amma a gwada ya fi a dogara da galibi. A misalinmu iska tana fitowa daga gabas ɗin da man yake gangarawa, wato tudu yana yamma, iska kuma tana kai tururin yamma, don haka gabas da yamma babu inda yake da aminci, sai a ratse arewa. Irin wannan sarƙaƙiya ce ta sa ba a cewa kawai a matsa baya, sai an faɗi ta ina.

Nisan da masu aikin gaggawa suke amfani da shi ga irin wannan mai sananne ne. Da farko a kewaye aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare, idan zubar mai yawa ce a kwashe mutane har mita 300 ta ɓangaren da iska take nufa, idan kuma tankar ta riga ta kama wuta a janye mita 800 ta ko'ina. Mita 50 kimanin taku 70 ne na babban mutum, mita 300 kuma kimanin taku 400. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna daga jikin motar. Daga bakin inda man ya kai ake aunawa, kuma idan ya shiga kwata to duk tsawon kwatar ya shiga lissafi. Ga tanka cikakkiya da take tsiyaya, mita 50 mafari ne kawai na mintunan farko, ba wurin tsayawa kallo ba ne.

Hanci yana taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne. Mutum yana jin warin fetur tun tururin bai kai ko kusa da iyakar kamawa ba, don haka jin wari gargaɗi ne mai kyau na a ƙara nisa. Matsalar ita ce hanci yakan saba cikin 'yan mintuna, sai mutum ya ɗauka warin ya ragu. Wanda ya fara jin jiri, ko ciwon kai, ko idanunsa suna yaji, ko aka ga yana tangaɗi yana surutu marar kan gado, ya riga ya shiga inda tururin ya yi kauri. Wannan ma wani dalili ne da ya sa masu kwasa ba sa jin kira, domin tururin da suke shaƙa yana dusashe musu hankali.

Sai batun abin da zai kunna wutar, kuma a nan ne aka fi raina abubuwa. Ƙarfin tartsatsin da yake isa ya kunna tururin fetur ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai na ɗan ƙaras ɗin da mutum yake ji idan ya cire rigar leda ko ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu ba. Wutar da ake gani ita ce mai sauƙin magancewa: mai shayi ya kashe murhunsa, mai tsire ya zuba wa garwashinsa ruwa ko ya binne shi da ƙasa har ya mutu, ba ya rufe shi da faranti ba, mai sigari ya kashe ta. Waɗanda ba a gani su ne matsala.

Babur shi ne na farko. Yana da filogi da wayoyin da sau da yawa a kwance suke, yana da salansa mai zafi a daidai tsayin da tururin yake kwanciya, kuma shi ne abin da mai jarka yake hawa ya zo ya koma. Duk babur da yake cikin da'irar da aka kewaye a kashe shi a bar shi, ko a tura shi da hannu a fitar. Motar da ta riga ta shiga ita ma a kashe ta, fasinjoji su sauka su fita da ƙafa, kada direba ya ce bari ya tayar ya ja da baya, domin lokacin tayarwa ne ake samun tartsatsi mafi ƙarfi. Babbar mota mai amfani da gas ba ta tsira ba, injinta yana iya zuƙar tururin ya riƙa gudu da kansa ko an cire makulli. Wannan ya sa tare hanya ya zama aiki na gaggawa, kuma a tare ta da nisa ta ɓangarorin biyu, inda motoci za su iya juyawa, a bar hannu ɗaya a buɗe domin motar kashe gobara. Idan aka tare kusa, layin motoci da injinansu a kunne zai taru daidai inda ba a so.

Lantarki shi ne na biyu, kuma ƙa'idarsa tana ba mutane mamaki: a inda ake jin warin man da ƙarfi, kada a kunna komai, kada kuma a kashe komai. Makunnin bango yana tartsatsi a lokacin kashewa kamar yadda yake yi a lokacin kunnawa, haka zare filogi daga soket. Abin da ya dace shi ne a sa ma'aikatan lantarki su yanke wutar layin daga nesa, a kuma tabbatar sun san dalili, domin idan dama babu wuta a unguwar, dawowarta ba zato zai tayar da firji da fanka da injin ruwa a gidaje da yawa lokaci guda. Janaretan mai cajin waya da yake aiki a bayan shago, idan tururin bai kai gare shi ba a kashe shi nan take. Idan ya kai, ba a tura mutum ya shiga don ya kashe shi, sai a janye kowa daga wurin.

Na uku ita ce tankar kanta. Injinta da salansarta da birkinta suna da zafi bayan doguwar tafiya, batirinta yana nan da rai, wataƙila da wayoyin da suka yanke. Idan direba ya fito lafiya kuma ya kashe injin, ya yi abin da ake buƙata. Amma kada wani mai kishin taimako ya zo da sifana ya ce zai cire kan batir, domin cirewar da kanta tana fitar da tartsatsi, kuma a daidai inda tururin ya fi yawa. Haka ɓarawon da yake zuwa kwance batir ko wani ƙarfe. Idan direba ko yaron mota ya maƙale a ciki, wannan ne kaɗai dalilin da zai sa mutum ya kusanci motar, kuma mutum biyu ko uku masu natsuwa sun isa, ba tare da guduma ko injin yanka ƙarfe ba.

Na huɗu kayan kwasar ne. Bokitin ƙarfe da aka ja a kan kwalta ko ya bugi bakin kwalbati yana iya ƙyasta wuta. Na roba kuma yana tara wutar gogayya, irin ɗan ƙaras ɗin nan na hunturu, yayin da mai yake zuba a cikinsa, kuma busasshiyar iskarmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce ta fi dacewa da taruwarta. Babu wani mazubi da za a ce shi ne mai aminci. Game da wayar hannu kuwa, gaskiyar magana ita ce hujjar cewa ita da kanta tana kunna fetur ba ta da ƙarfi, ko da yake barinta a aljihu a cikin da'irar ya fi. Haɗarinta na haƙiƙa wani ne dabam: da ita ake kiran ɗan'uwa a ce ya zo da jarka, kuma saboda ita matasa suke kutsawa gaba don ɗaukar hoto.

Wannan ya kawo mu ga taron jama'a, wanda ya fi duk abin da aka ambata wahala. Ba daidai ba ne a ce jahilci kawai yake kawo mutane. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, jarka ɗaya mai lita 25 ta zama kuɗin da ya fi abin da mai ƙaramin ƙarfi yake samu a kwanaki, kuma wanda ya ga dukiya tana malala a kwata zai ce ai asara take yi ko ya ɗiba ko bai ɗiba ba. Wanda yake son ya hana shi dole ya san da wannan. Tsawa daga bakin baƙo ba ta cika aiki ba, 'yan sanda uku ko huɗu kuma ba za su iya riƙe ɗaruruwan mutane a fili mai hanyoyi da yawa ba. Harbi sama don a tarwatsa jama'a kuskure ne babba a kusa da man, domin bakin bindiga yana fitar da wuta, gwangwanin barkonon tsohuwa ma yana zafi.

Abin da yake aiki shi ne a riga taron. Hana mutum goma na farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan korar ɗari biyu da suka riga suka tsoma hannu, domin kowa yana kallon na gabansa ne. A misalinmu, wanda ya kira hukuma sai ya tura a sanar da mai unguwa ko magajin gari da limamin da ake shirin bin sallar isha'i a bayansa, domin su ne suke kiran mutum da sunansa da na mahaifinsa ya ji kunya ya dawo. Lasifikar masallacin da ba ya cikin da'irar ta fi kowace murya isa, kuma saƙon ya zama umarni bayyananne: a kashe wutar girki, kada a tayar da babur, mutanen layin kaza su fita ta arewa su taru a filin makaranta, iyaye su ƙirga 'ya'yansu, malamai su tsare almajiransu. Sanarwar da ta tsaya a kan cewa tankar mai ta faɗi, ba tare da umarni ba, gayyata ce.

Iyaka kuma tana buƙatar abin da ido zai gani. Igiya, ko benci, ko itace da aka gindaya, tare da 'yan sintiri da 'yan agaji da 'yan kamasho a tsaye a bayansa suna fuskantar jama'a, ya fi a ce wa mutane su matsa. Matasan da suka fi zaƙuwa, gara a ba su aiki da a bar su tsaye: wasu su je tare hanya, wasu su tsare bakin lunguna, wasu su bi gida-gida. Bin gida-gida ɗin nan ana yawan mantawa da shi, alhali matan da suke cikin gida suna girki ba su san abin da ke gudana a kwatar bayan katangarsu ba. A yi sallama, a ce su kashe murhu da ruwa, su fito da yara, kada su tsaya kwashe kaya.

Akwai abu ɗaya da mutanen gari za su iya yi wa man kansa, shi ma da sharaɗi. Idan man bai riga ya isa wani sashe na kwatar ba, ana iya datse ta da yashi ko ƙasa can gaba da shi, inda babu wari, don kada ya shiga unguwa. Ba a shiga cikin man a yi wannan. Ruwa kuwa ba a zuba shi. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, lita ɗaya kimanin giram 740 ce, saboda haka yana hawa kan ruwa ya tafi da shi, mai niyyar wanke titi sai ya kai man inda da bai kai ba. Abin da masu kashe gobara suke yi shi ne su lulluɓe shi da kumfa, wadda take hana tururin tashi, kuma sai an riƙa sabunta ta domin tana narkewa.

Waɗanda suka riga suka jiƙe da mai su ma haɗari ne mai tafiya. A fitar da su ta ɓangaren da iska take tasowa, su cire tufafin a hankali a fili bayan an jiƙa su da ruwa, su wanke jiki da sabulu, kada su nufi gida inda ake girki ko su tsaya jin ɗumi. Man da aka riga aka kai gidaje a bokiti da baho a buɗe kuwa, a tuna lissafin lita uku a ɗaki ɗaya. Dole mai unguwa ya sa a fito da shi fili tun kafin a kwanta.

Zuwan hukuma ba ya nufin haɗari ya wuce, kuma abin da ya faru a Dikko ya nuna cewa lokacin juye man yana daga cikin mafi hatsari. Mai motar yana son ya ceci dukiyarsa da wuri, sai ya kawo wata tankar da injin ban-ruwa ko janareta. Wannan inji ne mai filogi da salansa, an ajiye shi a tsakiyar tururi. Yadda ake yi a ƙa'ida shi ne a fara lulluɓe man da ya zube da kumfa, a haɗa tankokin biyu da wayar ƙarfe sannan a haɗa su da sandar da aka kafa a ƙasa don wutar gogayya ta samu hanyar wucewa, a yi amfani da famfon da aka ƙera don mai, wanda ba ya tartsatsi, motar kashe gobara tana tsaye a shirye, jama'a kuma suna nesa. Idan waɗannan ba su samu ba, jira ya fi. Ba a kuma ɗaga tankar da ƙugiya sai an kwashe abin da ke cikinta, domin jan ƙarfe a kan kwalta yana fitar da wuta. Tankar da aka kwashe ma ba ta zama lafiyayya ba, cikinta ya cika da tururi gauraye da iska, wanda shi ne yake fashewa, don haka mai walda ba shi da aiki a jikinta sai an wanke ta an gwada.

Bayan haɗarin Dikko, hukumar da ke kula da harkar rarraba mai ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Matakin yana rage nauyin da yake sa mota ta kife, amma lita 33,000 ko 45,000 da suka rage a kan hanya sun isa su yi duk abin da aka bayyana a sama.

Buɗe hanya da komawar mutane gidajensu kuma ba a yanke shi da ido ko da hanci. Ma'aikata suna da na'urar da take auna yawan tururi a iska, kuma a aikinsu sukan ja da baya tun ta nuna kashi goma cikin ɗari na iyakar kamawa. Wuraren da ake aunawa su ne na ƙasa-ƙasa, wato ƙarƙashin kwalbati, cikin kwata har ƙarshenta, ramin masai da zaurukan da ke gangare, domin titi yana iya bushewa da safe alhali tururin yana kwance a can. Yashin da ya sha mai a kwashe shi a kai fili nesa da gari, ba a tara shi a gefen hanya inda ake ƙona shara ba. Rijiyoyin da suke kusa da inda man ya nutse a daina sha daga cikinsu har sai an duba, ko da sun ɗauki kwanaki ba su nuna wari ba, saboda man yana tafiya a hankali a cikin ƙasa kafin ya isa ruwa.